Imel ɗin Miƙa Aiki: Abin da Za Ka Bari a Rubuce Kafin Ka Tafi Hutu

A yawancin ofisoshinmu, miƙa aiki kafin tafiya hutu ba ya wuce 'yar magana a bakin ƙofa. Mai tafiya ya rataya jaka, ya ce wa abokin aikinsa komai na nan cikin kwamfuta, in wani abu ya taso a kira shi. Ba a kwana uku sai kira ya fara. Ina fayil kaza? An biya mai kawo kaya ko ba a biya ba? Wa ke riƙe da makullin durowa? Wanda ya tafi ƙauye ganin iyaye yana neman tudun da sabis ke kamawa, mai jego tana amsa tambayar ofis da jariri a hannu, alhaji kuma yana Mina wayarsa a kashe, ofis na jiran dawowarsa.

Hutu haƙƙin ma'aikaci ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya yi wata 12 yana aiki aƙalla kwana 6 na aiki a shekara, ta ba mai haihuwa mako 12, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Sai dai ranakun da doka da abokan ciniki suka sa ba sa tafiya hutu tare da kowa. Abin da ke tsare aiki a wannan tsakanin shi ne imel guda ɗaya da mai tafiya zai aika wa wanda zai riƙe masa, ya sa shugabansu a layin Cc don shi ma ya gani.

Wanda zai karanta wannan imel, a cikin damuwa zai karanta shi. Zai buɗe shi ne ranar da manaja ke tsaye a kansa yana tambaya, ko mai kawo kaya ya zauna a benci ya ce ba zai tashi ba sai an sallame shi. A irin wannan lokaci ba ya buƙatar tarihin aikinka. Yana son sanin abin da zai yi, da ranar da zai yi shi, da inda takardun suke, da wanda zai kira. Duk jimlar da ba ta amsa ɗaya daga cikin waɗannan ba, gara a cire ta.

Mu ɗauki misalin akantan wani ƙaramin kamfanin rarraba kaya a Kano. Zai tafi hutun mako uku, daga Litinin 6 ga wata zuwa Juma'a 24, ya dawo Litinin 27. Mataimakinsa ne zai riƙe. Kan imel ɗin ya kamata ya faɗi komai, don a iya lalubo shi cikin ɗaruruwan saƙonni:

```
Miƙa aiki: sashen kuɗi, 6 zuwa 24 ga wata
```

Bayan sallama, layi biyu sun isa su faɗi ranar tafiya, ranar dawowa, da wanda ke riƙe da aikin. Daga nan sai ranakun da ba sa ɗaguwa, a jere daga mafi kusa zuwa mafi nisa. Mutane da yawa suna fara lissafi da aikin da ya fi girma a idonsu, alhali wanda aka bar wa aiki da kalanda yake tafiya, kowace safiya abin da ya faɗo ranar yake dubawa.

A cikin makonni ukun nan akwai ranaku uku da hukuma ta sa. Kamfanin ya biya albashi ranar Talata 30 ga watan jiya, kuma dokar fansho ta 2014 ta ce a tura kuɗin fanshon ma'aikata cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. In aka cire Asabar da Lahadi, wa'adin ya faɗa Alhamis 9 ga wata, kuma jinkiri yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Harajin da ake cirewa daga albashi, wanda ake gani a takarda da sunan PAYE, ana tura shi ga hukumar haraji ta jiha zuwa 10 ga wata, wato Juma'a. Harajin VAT na watan jiya kuma wa'adinsa 21 ga wata, ranar Talata. Akanta ya san waɗannan ranaku kamar sunansa, shi ya sa yake mantawa cewa mataimakinsa bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba.

Rubuta ranar kawai bai wadatar ba. Akwai mai rubuta "a tura fansho" ya wuce, yana ganin ya sauke nauyi. Ga yadda ya kamata layin ya kasance: "Malam, fansho wa'adinsa Alhamis 9. Na gama jadawalin sunaye da kuɗi, manaja ya duba. Abin da ya rage shi ne ka shigar da biyan a shafin banki ranar Talata 7, manaja ya amince, sannan ka tura jadawalin da shaidar biya. Sabon direban da muka ɗauka bai kawo lambar fanshonsa ba tukuna, ka karɓa daga wajensa kafin ka tura." Wannan layin ya faɗi inda aikin ya tsaya, da mataki na gaba, da wanda zai sa hannu, da inda za a iya tuntuɓe. Ya kuma sa ranar aiki kwana biyu kafin wa'adi, saboda shafin banki kan tsaya, manaja kuma kan yi tafiya ba zato.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ayyukan da aka fara ba a gama ba, musamman waɗanda aka yi da baki. A misalinmu, akanta ya yi wa wani mai kawo katan alkawari a waya cewa za a biya shi rabin kuɗinsa ranar 15, sauran kuma sai ƙarshen wata. Babu wannan a kowane fayil. In bai rubuta ba, mutumin zai zo ranar 15 da ƙarfinsa, mataimaki ya ce bai san zancen ba, ko kuma ya biya duka don gudun rigima. Haka nan biyan da aka riga aka yi amma rasit bai iso ba: in ba a rubuta "an biya ranar 2, ana jiran rasit, kada a sake biya" ba, ana iya biya sau biyu, kuma karɓo kuɗin da ya fita aiki ne ja. Shawarata ga mai tafiya ita ce ya zauna da wayarsa, ya bi kiraye-kiraye da saƙonnin WhatsApp na mako biyun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Alkawuran da suka kwanta a can sun fi waɗanda ke cikin kwamfuta yawa.

Ya kamata kuma a faɗi abin da zai iya jira. Layi ɗaya da ke cewa daidaita littafin kaya da na kuɗi zai jira dawowata yana sauke wa mai riƙo nauyi, ya bar shi ya fuskanci abin da ke da wa'adi.

Sai maganar fayiloli. "Yana cikin kwamfuta" ba adireshi ba ne. A ba da cikakkiyar hanya da ainihin sunan fayil kamar yadda yake a allo, a kuma faɗi wanne ne na ƙarshe, domin sau tari akwai kwafi uku masu kusan suna ɗaya, biyu daga ciki tsofaffi ne. Wanda ke ajiya a Google Drive ya tabbatar ya buɗe wa mataimakinsa fayil ɗin a matsayin Editor. In a Viewer ya bar shi, zai gani amma ba zai iya gyara ko harafi ɗaya ba. In bai buɗe masa ba sam, mataimaki zai danna Request access, roƙon kuma ya tafi akwatin imel ɗin mutumin da ke hutu. Takardun hannu ma suna da adireshinsu: wace durowa, wane fayil, makulli na hannun wa, littafin cek yana ina.

Akwai abu ɗaya da bai kamata ya shiga imel ɗin ba, wato kalmar sirri. Imel yana zama shekaru a akwati, ana tura shi ga wasu, kuma duk abin da aka yi da sunanka a shafin banki kai za a tambaya. Hanyar da ta dace ita ce kamfani ya nemi banki ya buɗe wa mataimakin tasa damar shiga da sunansa. Wannan yana cin kwanaki, don haka tun mako biyu kafin tafiya ake fara shi. A duba kuma wace waya ce lambar tabbatarwa ta banki ke shiga. In layin mai tafiya ne, kuma zai ƙetare ƙasa ko ya shiga inda babu sabis, to biyan ranar 7 ya tsaya tun kafin a fara shi.

Wajen lambobin mutane, jerin sunaye ashirin ba shi da amfani. Mutum huɗu ko biyar sun isa, kowanne da dalilin kiransa: jami'in banki mai kula da asusun kamfani in biya ya maƙale, jami'in haraji in shafi ya ƙi karɓar takarda, mai kawo katan da alkawarinsa na ranar 15. A ƙara da abin da sai wanda ya daɗe yana hulɗa da su ya sani, misali wane ba ya duba imel sai an kira shi, wance kuma da safe ake samunta. Su ma a sanar da su sunan mai riƙo kafin a tafi, a kuma kunna amsar nan da ke fita da kanta, wadda ke ƙarƙashin Vacation responder a Gmail ko Automatic replies a Outlook, ɗauke da ranar dawowa da wanda za a tuntuɓa.

Abu na ƙarshe da imel ɗin zai fayyace shi ne iyakar ikon mai riƙo. Wane biya zai yi da kansa, wanne sai manaja ya amince, wanne ne zai jira? Sannan a faɗi ƙarara abin da ya kai a kira mai hutu. Cewa "a kira ni in akwai matsala" yana buɗe ƙofa ga kowace tambaya, cewa "kada a kira ni" kuma yana sa a ɓoye matsala har ta girma. Gara a ce in banki ya rufe asusu ko wasiƙar tara ta zo daga hukuma, a turo saƙo, ina duba waya bayan la'asar.

Lokacin aikawa yana da nasa tasiri. Imel ɗin da aka tura ƙarfe biyar na yammacin Juma'ar ƙarshe, ba a bar wa kowa damar tambaya ba. Akantanmu ya aika nasa ranar Laraba 1 ga wata. Ranar Alhamis ya zauna gefe, ya bar mataimakinsa ya buɗe jadawalin fansho, ya shiga shafin banki da sunansa, ba tare da ya ce masa uffan ba. Duk inda mataimakin ya ɗago kai ya yi tambaya, nan ne imel ɗin ke da giɓi, sai a cike shi a sake turawa ranar Juma'a.

In kana da hutu a gaba, ka buɗe kalanda yau, ka duba ranakun da suka faɗo tsakanin tafiyarka da dawowarka, ka fara rubutun daga can.