Hannun Jarin Kyauta Ko Na Tayi: Wanne Ke Ƙara Wa Mai Jari Dukiya?

A cikin watan Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, inda ya yanka wa masu hulɗa da ƙasashen waje Naira biliyan 500, masu aiki a faɗin ƙasa kuwa Naira biliyan 200. Ya kuma ce ba zai lissafa ribar da suka tara a ajiya ba. Wannan ya sa bankuna suka koma wajen masu hannun jarinsu da tayi. Kamfanin Access Holdings, alal misali, ya yi wa mutanensa tayin sabon hannu ɗaya a kan kowane biyu da suke riƙe da su, a kan Naira 19 da kwabo 75.

Takarda iri biyu ke zuwa wa mai hannun jari da labarin ƙarin hannaye. Ɗaya ta kyauta ce, wadda 'yan kasuwa ke kira bonas, ba a biyan ko kwabo. Ɗayar kuwa tayi ce, a saya a farashi mai rangwame. Mutane da yawa suna murna da ta farkon, su jefar da ta biyun a cikin akwati. Lissafi ya nuna murnar ba ta da tushe sosai, jefarwar kuma asara ce.

Kamfanin misali

A ɗauka akwai wani kamfani mai hannun jari miliyan 100, kowane ɗaya ƙimarsa ta asali kwabo 50, kamar yadda aka saba a ƙasar nan. Jarinsa na asali ke nan Naira miliyan 50. Ya tara ribar da bai raba ba har Naira miliyan 150, ita ce ajiyarsa. Dukiyar masu shi a littafi ta kama Naira miliyan 200. Ribarsa ta shekara Naira miliyan 40 ce, wato kowane hannu ya samo kwabo 40, ana kuma sayar da hannu ɗaya Naira 5 a kasuwa. A ɗauka kuma akwai wani malamin makaranta mai hannu 4,000 a ciki, waɗanda kuɗinsu ya kai Naira 20,000.

Idan kyauta aka yi

Kamfanin ya ce zai ba da hannu ɗaya kyauta a kan kowane huɗu. Sababbin hannaye miliyan 25 ke nan, ƙimarsu ta asali Naira miliyan 12 da rabi. Tun da ba wanda ya biya, sai akanta ya ɗebi wannan adadi daga ajiya ya mayar cikin jari. Jari ya zama miliyan 62 da rabi, ajiya ta sauko zuwa miliyan 137 da rabi. In aka haɗa su, miliyan 200 ɗin nan ce dai, an cire daga aljihun dama an sa a na hagu. Abin da ya sauya shi ne, kuɗin da aka mayar jari ba za a iya raba shi a matsayin riba ba kuma.

Farashi ma sai ya bi sahu. Hannu huɗu masu darajar Naira 20 sun zama biyar, saboda haka kowane ya koma Naira 4. Malamin nan yanzu hannu 5,000 gare shi, amma kuɗinsu Naira 20,000 ne kamar jiya. Gyaran da mai hatsi ke yi wa mai saye daga buhunsa yake fitowa. Wannan kuwa daga kwanon mai sayen aka ɗiba aka miƙa masa.

Ribar kowane hannu ta sauko daga kwabo 40 zuwa 32, domin miliyan 40 ake rabawa gida miliyan 125. Ƙa'idar akanta ta ce a gyara adadin bara shi ma ya koma kwabo 32, don kada mai karatu ya zaci kamfanin ya ja baya. Amfanin kyautar yana bayyana ne idan kamfanin ya ci gaba da biyan kason riba iri ɗaya a kan kowane hannu, domin a nan mai hannu biyar ya fi mai huɗu karɓa. Sauƙin farashi kuma yakan jawo ƙananan masu saye.

Idan tayi aka yi

Yanzu a ce tayi kamfanin ya yi, hannu ɗaya a kan kowane huɗu, a kan Naira 3. A nan sabon kuɗi ya shigo, Naira miliyan 75. Miliyan 12 da rabi za su shiga jarin asali, sauran miliyan 62 da rabi kuma a rubuta su a asusun rarar farashi, wanda doka ba ta yarda a raba shi a matsayin riba ba. Ribar da aka tara tana nan miliyan 150 ba a taɓa ta ba. Dukiyar masu kamfani ta tashi zuwa miliyan 275. Jarin asali da rarar farashi su ne kaɗai Babban Banki ya ce zai lissafa a 2024, shi ya sa tayi ya yi kasuwa.

Farashin da ake tsammani bayan tayi ba shi da wuyar fitarwa. Tsofaffin hannaye huɗu Naira 20, sabo ɗaya Naira 3, jimla 23. A raba gida biyar, kowane ya kama Naira 4 da kwabo 60. Lissafin takarda ke nan, kasuwa tana iya haurawa ko ta gaza.

Malamin yana da hanya uku. In ya karɓi tayin, zai biya Naira 3,000 ya mallaki hannu 5,000 masu darajar 23,000, bai ci ba bai faɗi ba. In ba shi da kuɗi, yana iya sa dillali ya sayar masa da haƙƙinsa kafin a rufe tayin. Haƙƙin kowane sabon hannu ya kai Naira 1 da kwabo 60, wato tazarar da ke tsakanin farashin tayi da na bayansa, sai ya karɓi 1,600 ya haɗa da tsofaffin hannayensa da suka koma 18,400, ya tashi da 20,000 ɗinsa, ban da ladan dillali. In kuwa ya bar takardar a akwati, 1,600 ɗin nan ta tafi, kasonsa a kamfanin kuma ya ragu.

Inda ake ruɗewa

Idan an yi tayin a farkon shekara, riba kuma ta tsaya a miliyan 40, kowane hannu zai samo kwabo 32, daidai da na kyauta. Amma ba da kwabo 40 na bara za a gwada shi ba, kuma ba da 32 ba. Rangwamen da ke cikin tayi wata 'yar kyauta ce a ɓoye, don haka ake gyara adadin bara gwargwadonta: a ninka kwabo 40 da 4.60, a raba da 5, ya ba da kwabo 36.8.

Wannan adadi shi ne ma'aunin da za a riƙe shugabannin kamfani da shi. Kafin hannu miliyan 125 su samo kwabo 36.8 kowane, sai riba ta kai miliyan 46. Ke nan wajibi ne sabon kuɗin ya haifar da ƙarin miliyan 6 a shekara, wato kashi 8 cikin ɗari na miliyan 75 da aka karɓa. In ya gaza haka, an tsinka ribar masu jari.

Saboda haka duk wanda takardar tayi ta zo masa, ya duba abu uku: ranar rufewa, tazarar farashin tayi da na kasuwa, da abin da aka ce za a yi da kuɗin. Ginin sabuwar masana'anta daban, cike gurbin asara daban. Takardar kyauta kuwa tambaya ɗaya ta ishe ta a taron shekara-shekara: shin kason ribar kowane hannu zai tsaya yadda yake, ko shi ma za a rage shi?