Sanarwa a filin kokowa: yadda ake tsara magana don ta isa kunnen jama'a

Duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa a lokacin gasar takobi ta ƙasar Nijar ya san yadda wurin yake cika da sauti. Gasar, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara ƴan kokowa 80 daga jihohi takwas, kowace jiha da makaɗanta da magoya bayanta. Ganguna ba sa tsayawa, masu kirari suna yi, ƴan kallo suna ihu. A cikin wannan hayaniya ake miƙa wa mai riƙe da mikro ƴar takarda cewa an tsinci yaro, ko wata mota ta tare hanyar motar asibiti, ko an rufe wata ƙofa. Sau da yawa yakan karanta, muryarsa ta cika filin, amma a tambayi mutanen da ke zaune a can nesa me aka ce, sai su ce sun dai ji an yi magana.

Akan ɗora laifin a kan lasifika. Wani lokaci laifinta ne. Amma mafi yawa matsalar tana cikin yadda aka jera kalmomin, domin sanarwar da aka rubuta don ido ba ta aiki a kunne. Mai karatu idan bai gane ba yana iya komawa layin baya. Mai sauraro a filin ba shi da wannan dama, abin da ya wuce shi ya wuce.

Akwai dalilin da ya sa magana ke dagulewa a babban fili. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Idan mutum yana zaune kusa da wata lasifika, kuma akwai wata da ta fi ta nisa da mita 100, zai ji kalma ɗaya sau biyu, ta biyun tana zuwa bayan kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Ga mai magana da sauri, wannan jinkiri ya isa gaɓar da ta wuce ta faɗo a kan wadda ke biye. Wasula sukan tsira, amma baƙaƙe da ƙarshen kalma su ne ke fara nutsewa. Ƙara ƙarfin na'ura ba ya gyara wannan, domin amsa-kuwwar ma ƙaruwa take yi. Abin da ke taimakawa shi ne gajerun jimloli, da ɗan shiru a tsakaninsu har sautin baya ya mutu.

A ɗauki misalin yaron da aka tsinta. Takardar da ke isa hannun mai sanarwa takan zo kamar haka: kwamitin tsare-tsare yana farin cikin sanar da ɗaukacin jama'ar da suka halarci wannan gagarumin biki cewa jami'an tsaro sun tsinci wani ƙaramin yaro wanda shekarunsa ba su wuce biyar ba, don haka ana roƙon iyayensa ko duk wanda ya san shi da ya tuntuɓi masu kula da lamarin. Ba ƙarya a ciki, amma ba za ta mayar da yaron ga uwarsa ba. Kalmar «yaro» ba ta fito ba sai bayan kalmomi fiye da ashirin, lokacin da mutane suka riga suka ɗauka jawabin godiya ne suka koma hirarsu. Kuma ba a faɗi inda za a je ba. Wane ne mai kula da lamarin, a ina yake zaune?

Gogaggen mai sanarwa yakan fara da sa hannu a tsayar da kiɗa. Wannan yana buƙatar yarjejeniya da makaɗa tun da safe, domin makaɗin da ke tsakiyar wasa ɗan kokowarsa ba ya son a katse shi. Sannan ya yi kira: «Jama'a, a saurara. Sanarwa ce.» Ya yi shiru kaɗan. Waɗannan kalmomi na farko ba a sa ran kowa ya riƙe su, aikinsu kawai su juyo da kunnuwa, shi ya sa ba a sa wani muhimmin bayani a cikinsu. Daga nan sai ya ce: «An tsinci yaro. Yaro namiji, ɗan shekara biyar, da jar riga. Yana rumfar masu agaji, kusa da ƙofar gabas. Rumfar masu agaji, ƙofar gabas. Wanda ya ɓatar da yaro mai jar riga, ya zo rumfar masu agaji, ƙofar gabas.»

A cikin wannan sanarwa «yaro» ya fito sau uku, jar riga sau biyu, wurin zuwa sau uku. Ba a maimaita komai daidai wa daida ba. Abin da mutum zai yi aiki da shi, wato inda zai nufa, shi ya fi samun maimaici, kuma da shi aka rufe, domin kalmar ƙarshe ce ke zama a kunne bayan ganguna sun dawo. Wanda ihu ya hana shi jin farkon zai kama tsakiya, wanda ya kama ƙarshe kaɗai ma ya samu cikakken saƙo, saboda jimlar ƙarshe tana tsaye da ƙafarta.

Wani abin lura shi ne ba a canza sunan wurin ba. A makaranta ana koya wa ɗalibi kada ya maimaita kalma, ya nemo wata mai ma'ana ɗaya. A mikro wannan ɗabi'a tana ɓatar da mutane. Idan aka ce «rumfar masu agaji» da farko, sannan «wurin likitoci», sannan «tantin ƴan kwana-kwana», uwar da hankalinta ya tashi za ta ɗauka wurare uku ne. Suna ɗaya ake zaɓa, wanda mutane ke gani da idonsu, a riƙe shi har ƙarshe. Haka ma «dama» da «hagu» ba su da amfani a fili mai zagaye, tunda damar mai mikro hagun wanda ke fuskantarsa ce. Gabas kuwa kowa ya san ta, ita ake fuskanta a yi salla.

Akwai kuma abin da aka bari da gangan. Ba a faɗi sunan yaron ba, ba a faɗi kalar wandonsa ko tabon da ke jikinsa ba. Waɗannan su ne tambayoyin da za a yi wa wanda ya zo karɓarsa. Idan an zayyana komai a lasifika, kowa na iya zuwa ya maimaita abin da ya ji ya tafi da ɗan mutane.

A Nijar sanarwa ba ta ƙarewa da harshe ɗaya. Akan yi ta da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wani wuri a ƙara da wani harshen gwargwadon garin da ake gasar. Kuskuren da aka fi yi shi ne cakuɗawa, jimla ɗaya da wannan harshe, ta biyu da wancan, har ya zama ba wanda ya samu saƙon gaba ɗaya. Gara a kammala da harshe ɗaya, a yi shiru, a sake daga farko da na biyu, kuma a bi jeri ɗaya kullum don kowa ya san lokacin da nasa ke zuwa. Wannan ma wani dalili ne na gajartawa: sanarwar daƙiƙa ashirin idan ta bi harsuna uku ta zama minti guda, kuma da wuya makaɗa su yi haƙurin da ya wuce haka.

Lambobi sun fi komai saurin rikicewa. «Biyu» da «biyar» farkonsu ɗaya, bambancin yana ƙarshe, daidai inda amsa-kuwwa ke cinyewa. «Talatin» da «tamanin» ma haka suke kama da juna daga nesa. Mai sanarwa yakan kare lamba ta hanyar faɗinta ta fuska biyu: «ƙarfe biyar na yamma, bayan la'asar». Takardar shiri takan zo da 17h, amma ba a karanta wa jama'a «ƙarfe sha bakwai». Kuɗi kuwa sai an yi hattara sosai. Idan takarda ta ce kuɗin shiga 500 F, mai karatu ya ce «ɗari biyar», wanda ya saba lissafin kasuwa zai ji dala ɗari biyar, wato jika biyu da rabi, alhali dala ɗari ake nufi. Sai a faɗa da lissafin da mutane ke ciniki da shi, a maimaita. Lambar waya ta fi wuya, domin lambobi takwas ba sa zama a kan mutumin da ke tsaye cikin turereniya ba alƙalami. In da hali, a ba mutane wurin da za su je maimakon lambar da za su kira.

Inda tsarin kalmomi ya fi zama batun rai shi ne lokacin fita, musamman bayan karawar ƙarshe, sa'ad da dubban mutane ke tashi a lokaci ɗaya. A ce ƙofar yamma ta cushe. Abin da ke fara zuwa bakin mai mikro shi ne «kada ku bi ƙofar yamma». To amma «kada» kalma ce ƴar ƙarama, kuma a farkon jimla take, inda aka fi rasa ji. Idan ta nutse, abin da ya rage shi ne «ku bi ƙofar yamma», an tura mutane inda ake son hana su. Ko da an ji ta, sunan ƙofar da ba a so shi ne ya shiga kunne, kuma ba a gaya wa kowa inda zai bi ba. Abin da ya dace shi ne a faɗi abin da za a yi: «Ku fita ta ƙofar gabas. Ƙofar gabas a buɗe take. A hankali, ƙofar gabas.» Idan dole ne a ambaci wadda aka rufe, a ambace ta sau ɗaya a tsakiya, a rufe da wadda ake so.

«Ku kwantar da hankalinku» ita kaɗai ba ta kwantar da hankalin kowa. Mutumin da bai san da wata matsala ba, daga jin haka zai fara waige-waige. Gajeren dalili na gaskiya ya fi ta aiki: «Ƙofar yamma ta cika, gabas akwai hanya.» Irin wannan sanarwa ba a yin ta sau ɗaya a ajiye mikro. Ana sake ta da kalmomin nan dai, ba ragi ba ƙari, har filin ya ragu, domin duk canjin kalma yana sa mutane su ɗauka wani sabon umarni ne ya zo.

Ba a sanin ko sanarwa ta yi aiki daga kan dandamali, saboda mai mikro yana jin kansa sarai. Masu shiri da suka san aiki sukan aika mutum ɗaya can ƙarshen filin, wanda bai ga takardar ba, a karanta, ya dawo ya faɗi abin da ya ji. Idan ya kawo abu uku, me ya faru, wa ake nufi, ina za a je, sanarwar ta tsaya. Idan ya kawo biyu, sai a rage kalmomi a ƙara shiru. Gwajin safe a filin da ba kowa yana iya yaudara, domin jikin mutane yana shanye sauti kuma hayaniyarsu tana rufe shi, ga iskar hunturu da ke kwashe murya zuwa gefe guda. Shi ya sa ake sake tura mutumin nan bayan fili ya cika, kafin a fara karawar farko ta yamma.