Ginshiƙi ɗaya, kankare nawa, ringi nawa?

A gidajen bulo da ake ginawa a Kano ko Kaduna, ginshiƙin da aka fi zubawa shi ne mai inci tara ta kowane gefe, wato milimita 225, don ya saje da kaurin bulo. Mu ce tsayinsa mita 3 ne, daga daɓe zuwa ƙarƙashin bim. A nan ake tsayar da awo, domin kankaren bim lissafinsa daban ne, kuma wanda ya haɗa su zai sayi siminti sau biyu saboda wuri ɗaya.

Kafin komai a mayar da awon zuwa mita, sannan a ninka faɗi da kauri da tsayi: 0.225 × 0.225 × 3, a samu kubik mita 0.152. Kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin buhu shida da ɗan ɗoriya a kowane kubik mita. Ke nan ginshiƙin nan kusan buhu guda zai lashe, sha biyu kuma su ci buhu sha biyu. A ƙara ɗaya saboda abin da ke tsiyaya ta bakin katako.

Wajen ringi, zoben rodin da ke ɗaure dogayen rodi, a nan gardama take. Idan injiniya ya ce a bar tazarar milimita 150, mai ɗaurin rodi zai raba 3000 da 150 ya ce ashirin. Giɓi ya ƙirga. Yatsun hannu biyar ne, giɓin da ke tsakaninsu huɗu, don haka giɓi ashirin ringi 21 yake bukata. In rabon bai fita cif ba, sama ake hawa: tazarar 175 tana ba da 17.14, sai a ce 18, a ƙara ɗaya, ringi 19.

Me ya hana a ce 17 a huta? Tazarar za ta buɗe. Ƙa'idar BS 8110 ta ce kada ta wuce kaurin dogon rodi sau sha biyu, wato milimita 192 ga rodi mai 16, 144 ga mai 12. In ta wuce, dogon rodi yana iya lanƙwasawa waje idan nauyi ya danne shi, ya ɓalle fatar kankaren. Shi ya sa, a ganina, gara mai gida ya ɗora tef a kan rodin kafin kafinta ya rufe katako, ya kuma taɓa ya ji ko waya ta kama. Ringin da bai ɗauru ba zamewa yake ƙasa lokacin zubi.

Saura rodin da za a saya. In an bar milimita 25 na kankare a kowane gefe, gefen ringi ya koma 175, huɗu 700, ƙugiyoyi biyu su ƙara kamar 160. Rodi mai kauri 8, mai tsayin mita 12, ringi 13 kawai zai fitar, sauran guntu ne. Ginshiƙi sha biyu masu ringi 21 suna son 252, wato rodi 20.