Wayarka ta daina gane yatsanka? Duba abubuwa huɗu kafin ka tafi wurin mai gyara

Akwai wata matsala da 'yan'uwanmu mazauna Kudu ke yawan kuka da ita, musamman 'yan kasuwa. Mutum ya sayar da kaya, abokin ciniki ya ce ya tura kuɗi, ya ɗauko waya zai duba alat, ya ɗora yatsa, wayar ta ƙi buɗewa. Ya sake, ta ƙi. A yawancin wayoyin Android, idan aka gwada sau biyar ba a dace ba, wayar kan dakatar da karɓar yatsa na daƙiƙa 30, ko ta ce sai an saka lambar sirri. Wanda ya daɗe bai taɓa lambar ba, a nan ne zufa ke karyo masa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sau tari ba na'urar ce ta lalace ba. Laifin yana wurin ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: yatsan kansa, dattin da ke kan na'urar, gilashin kariya da aka manna wa sikirin, ko kuma tsohon zanen yatsa da wayar ta ajiye. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, a wannan jerin, ana gano inda gizo ke saƙa ba tare da an kashe ko sisi ba.

Fara sanin irin na'urar da ke wayarka

Abin da ke karanta yatsa, wanda masu gyara ke kira sensa, iri uku ne. Na farko shi ne wanda ke bayan waya ko a jikin maɓallin kunnawa, kamar yadda ake gani a ɗimbin wayoyin Tecno, Infinix da itel. Wannan yana aiki ne da ɗan ƙaramin cajin lantarki, yana bambance tudun zanen yatsa da kwarinsa. Ruwa ko zufa kan cike kwarin, sai komai ya zame masa ɗaya.

Na biyu yana ƙarƙashin sikirin, kuma da haske yake aiki. Za ka gane shi idan ka ɗora yatsa wurin ya yi haske sosai. Wata 'yar kyamara ce a ƙarƙashi take ɗaukar hoton zanen. Irinsa ne a Samsung Galaxy A50 da A54. Duk abin da ya tare haske ko ya dusashe shi, ya hana shi aiki.

Na uku shi ma a ƙarƙashin sikirin yake, amma ba ya haskawa. Sauti yake aikawa wanda kunne ba ya ji, ya saurari yadda ya dawo daga yatsa. Samsung ta fara sa shi a Galaxy S10 a shekarar 2019. Wannan ya fi jure danshi, amma iska tsakanin gilashi da sikirin ita ce babbar abokiyar gabarsa.

Na ɗaya: yatsan

Zaman Legas, Fatakwal ko Warri zama ne cikin danshi. Hannu ba ya rabuwa da gumi, ga alwala sau biyar a rana. Yatsan da ya daɗe a ruwa kan tattare, zanensa ya sauya siffa na ɗan lokaci. Saboda haka abu na farko shi ne ka goge yatsa da busasshen ƙyalle, ka jira ya koma daidai, sannan ka gwada.

Akwai kuma akasin haka. Mai aikin siminti, mai wankin mota da omo, mai fawa da ke wanke hannu kullum, fatarsu kan bushe ta tsattsage, zanen ya siɗe. Busasshen yatsa ba ya kwanciya sosai a kan gilashi. Gwaji mai sauƙi: hura wa yatsan iskar baki, ko ka ɗan shafa shi a goshi, ka ɗora. Idan wayar ta buɗe, bushewa ce matsalarka, maganinta kuwa shafa mai da dare. Ga mata, ƙunshi mai duhu a kan yatsa na iya rikita sensa mai aiki da haske, shi ya sa yana da kyau a yi rajistar wani yatsan da lalle ba ya kaiwa.

Na biyu: dattin na'urar

Man ja, maiƙon suya, ƙurar gari da gumi suna taruwa a kan sensa su yi wani siririn rufi da ido ba ya saurin gani. Karkata wayar wajen haske, za ka gan shi. Na bayan waya da na gefe sun fi tara datti, domin suna da ɗan rami a gefensu, kuma rigar waya kan matse dattin a wurin. Cire rigar tukuna, don wani lokaci ita ce ke rufe gefen sensar ta hana yatsa kwanciya.

Kashe wayar, ka samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ka goge wurin. Idan maiƙon ya kafe, ɗiga sifirit kaɗan a kan ƙyallen, ba a kan wayar ba, ka goge, ka bari ya bushe. Kada a kankare da allura ko reza, kada a sa fetur, kananzir ko ruwan omo. Datti yana fita, amma ƙarzuwa ba ta fita.

Na uku: gilashin kariya

Wannan ya shafi masu sensa a ƙarƙashin sikirin ne kaɗai. Tambayi kanka: yaushe matsalar ta fara? Idan ranar da ka canja gilashi ne ko washegari, ka kama ɓarawo.

Ga mai aiki da haske, gilashin da ke hana na kusa da kai leƙen sikirin, mai duhun nan, yana rage hasken da kyamarar ke buƙata. Haka ma gilashi mara sheƙi, da wanda ya tsage ko ya ƙarzu daidai wurin ɗora yatsa. Ga mai aiki da sauti, matsalar ita ce gilashin da gam ɗinsa ke gefe kawai, tsakiyar babu. Wannan yana barin iska a tsakani, sautin kuwa ba ya ratsa ta yadda ake so. Irin waɗannan wayoyi sun fi dacewa da siririyar leda ko gilashi mai gam a duk faɗinsa.

Lamarin bai tsaya ga ƙin buɗewa ba. A watan Oktoban 2019 an gano cewa wasu rigunan roba masu rufe fuskar Galaxy S10 suna sa wayar ta buɗe wa yatsan da ba a yi masa rajista ba, har sai da Samsung ta fitar da gyara a manhajar wayar. Darasin shi ne, sensa na iya karanta zanen abin da ke kanta ta haɗa da na yatsa. Don haka duk lokacin da aka canja gilashi, a sake rajista, sannan a ba wani ya gwada yatsansa a tabbatar ba ta buɗe masa ba.

Idan za ka sayi gilashi, ko a Computer Village da ke Ikeja ko a wurin mai tebur a unguwa, faɗa wa mai sayarwa cewa yatsanka a sikirin yake, kuma ka gwada a gabansa kafin ka biya. A Samsung akwai Touch sensitivity a cikin Settings, ƙarƙashin Display, wanda ake kunnawa bayan an manna gilashi don sikirin ya riƙa jin taɓawa da kyau.

Na huɗu: sake rajista

Kafin ka goge komai, tabbatar da abu biyu. Ka tuna lambar sirri ko zanen buɗe wayar, domin sai da su za ka shiga wurin. Ka kuma tuna kalmar sirrin manhajar bankinka, domin manhajoji da yawa kan daina karɓar yatsa da zarar an ƙara ko an sauya zane a wayar, sai ka shiga da kalmar sirri ka sake kunnawa. Kada ka yi wannan aiki ana tsakiyar ciniki.

Shiga Settings, ka rubuta Fingerprint a wurin bincike, tunda kowace waya da inda take ajiye shi. Goge tsohon zanen, ka kashe wayar ka kunna, sannan ka yi sabo. Wanke hannu ka busar da shi. Riƙe wayar yadda ka saba riƙe ta da hannu ɗaya, ba a kwance kan tebur ba. Kowace ɗorawa ka ɗan sauya wuri: tsakiyar yatsa, gefen dama, gefen hagu, sannan kan yatsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sai wayar ta san tsakiya kawai, alhali da gefen babban yatsa ake buɗe ta. Yawancin wayoyi suna karɓar zane huɗu ko biyar, to ka sa har da yatsa ɗaya na ɗaya hannun, saboda ranar da wuƙa ta yanke ka.

A kwantar da hankali: wannan zanen a cikin wayar kaɗai yake. Goge shi ba ya taɓa wanda aka ɗauka don BVN ko NIN.

Misali

Ɗauki mai sayar da tattasai a kasuwar Mile 12, mai Galaxy A54. Gilashinsa ya fashe ranar Litinin, ya sa sabo mai duhu don kada a riƙa leƙa masa kuɗin da ke asusunsa. Daga ranar, sai ya ɗora sau huɗu kafin ta buɗe sau ɗaya. Ya goge yatsa, babu sauyi. Ya goge sikirin, babu sauyi. Ya je sake rajista, aikin ya maƙale a hanya, wayar na ta cewa ya sake ɗorawa. Wannan maƙalewar ita ce shaida: kyamarar ba ta ganin zanen sosai. Ya ɓare gilashin, rajista ta tafi sumul. To sensa lafiyarta ƙalau. Zaɓi ya rage nasa: ko gilashi garau ya ci gaba da yatsa, ko mai duhu ya koma lambar sirri.

Yaushe ne aikin mai gyara?

Idan babu gilashi, yatsa a bushe, wuri a goge, amma wayar ba ta ko motsi idan ka ɗora, ko kuma wurin Fingerprint ya ɓace gaba ɗaya daga Settings, to matsalar ta ciki ce. Yawanci bayan faɗuwa ne, ko shigar ruwa, ko an buɗe bayan wayar siririyar wayar sensa ta tsinke ko ta cire. Haka idan an canja sikirin: mai aiki da haske yana buƙatar sikirin da haske ke ratsawa, ƙaramin sikirin mai araha da ake sawa a madadinsa ba ya barin yatsa ya yi aiki, kuma ko an sa na ƙwarai, akan buƙaci a sake saita sensar. Ka tambayi wannan kafin a yi ciniki, ba bayan an manne ba. Masu iPhone mai maɓalli kuma su sani, maɓallin a haɗe yake da injin wayar, idan aka sa wani daban a kasuwa, Touch ID ya tafi ke nan.

Wayar Android takan nemi lambar sirri duk lokacin da aka kunna ta, da kuma aƙalla sau ɗaya cikin awa 72. Wannan ba lalacewa ba ce, tunatarwa ce. Ranar da yatsa ya ƙi, lambar ce kaɗai ƙofar shiga, wanda ya manta ta kuwa, sau da yawa sai an goge wayar baki ɗaya, hotuna da duk abin da ba a ajiye a wani wuri ba su tafi. Allah Ya kiyaye.