Yadda ake karanta layin rayuwa a rahoton gwajin magani

A rahoton gwajin magani, musamman na ciwon daji da na ciwon zuciya, akwai zane guda da likitoci kan fara dubawa kafin su karanta sauran bayani. Layuka biyu ne da suke tashi daga wuri ɗaya a saman hagu, suna gangarowa dama kamar matakala, kowane layi yana wakiltar rukunin marasa lafiya da aka bai wa magani iri ɗaya. Ana kiran zanen da sunan Edward Kaplan da Paul Meier, masana lissafi biyu da suka wallafa hanyar zana shi a 1958. Amfaninsa shi ne nuna kason mutanen da abin da ake gudu bai same su ba tukuna, a kowane lokaci tun daga ranar da suka shiga gwajin.

Gwajin da ake kira IPASS ya dace a koyi karatun wannan zane da shi, domin kusan duk abin da ke ruɗa mai karatu yana cikinsa. An wallafa shi a 2009 a mujallar New England Journal of Medicine, ƙarƙashin jagorancin Tony Mok na Hong Kong. An ɗauki mutum 1,217 a ƙasashen gabashin Asiya masu ciwon dajin huhu da ya yi nisa, waɗanda ba su taɓa shan taba ba ko kuma sun ɗan sha sun bari. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 609 suka riƙa shan ƙwayar gefitinib kullum, mutum 608 kuma aka riƙa sa musu haɗin carboplatin da paclitaxel ta jijiya, wanda shi ne maganin da aka saba bayarwa a lokacin.

Abin da ake fara dubawa shi ne rubutun da ke gefen hagu na zanen, domin shi ke faɗin abin da ake ƙirgawa. A wasu zanukan mutuwa kaɗai ake ƙirgawa. A babban zanen IPASS kuwa, layin mutum yana ƙarewa idan ciwonsa ya ƙaru ko ya rasu, duk wanda ya riga zuwa. Saboda haka saukar layi a wannan zane ba ta nufin mutane sun mutu kawai, yawancinta hoton huhu ne ya nuna ƙarin ya girma ko ya bazu. Ma'aunin gefen hagu yana tafiya daga 0 zuwa 1.0, ko daga 0 zuwa kashi 100, na ƙasa kuma yana nuna lokaci, wanda a nan watanni ne. Wannan lokaci ba na kalanda ba ne. An ɗauki marasa lafiyar tsakanin 2006 da 2007, amma a zanen kowa ya fara daga wata na sifili, wato ranar da ƙuri'a ta faɗa masa.

Layin yana tafiya a miƙe har sai abin ya sami wani, sannan ya sauka taki ɗaya. Girman takin ya danganta da yawan waɗanda ake bibiya a wannan lokacin. A ɗauki misali da mutum goma. Idan ɗaya ya rasu a wata na biyu, layin zai sauka daga kashi 100 zuwa 90. A ce bayan haka mutum biyu sun ƙaura wani gari, ba a sake jin labarinsu ba. Layin ba zai motsa ba, domin ba a ga wani abu ya same su ba, amma yanzu mutum bakwai suka rage a hannun masu bincike. Idan ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya rasu, ana ɗaukar kashi 90 a ninka da shida bisa bakwai, layin ya sauka zuwa kusan kashi 77. Mutuwa ta farko ta ci maki 10, ta biyu ta ci kusan 13, alhali kowacce rai ɗaya ce.

Waɗanda aka daina bibiya ba tare da abin ya same su ba, zanuka da yawa suna nuna su da ƙananan alamomi a jikin layin. Mafi yawansu ba ɓacewa suka yi ba. Sun shiga gwajin a makare ne, aka rufe tattara bayanai suna da 'yan watanni kaɗan a ciki. Lissafin Kaplan da Meier yana ɗauka cewa makomarsu daidai take da ta waɗanda aka ci gaba da bibiya. Wannan zato yakan karye idan masu fita daga gwajin su ne waɗanda jikinsu ya fi tsanani, ko waɗanda maganin ya wahalar, domin a lokacin layin zai tsaya sama fiye da gaskiya. Alamar da ke sa a yi shakka ita ce a ga rukuni ɗaya yana asarar mutane da yawa tun da wuri, ba tare da layinsa ya sauka daidai da haka ba.

Wannan ne ya sa ake buga jadawali a ƙarƙashin zanen, wanda a mujallun Turanci ke ɗauke da kan rubutu No. at Risk. Yana nuna yawan mutanen da har yanzu ake bibiya kuma abin bai same su ba, a kowane zango na lokaci. A IPASS zangon wata huɗu-huɗu ne. Rukunin gefitinib ya fara da 609, ya koma 363 a wata na 4, sai 212 a wata na 8, sai 76 a wata na 12, sannan 24, sannan 5 a wata na 20. Ɗaya rukunin ya fara da 608, ya koma 412, sai 118, sai 22 a wata na 12, sannan 3, sannan mutum 1 tak a wata na 20.

Wanda ya raba 76 da 609 zai sami kusan kashi 12 da rabi. Amma rahoton ya ce kashi 24.9 na masu shan gefitinib ne suka kai shekara guda ciwon bai ƙaru ba, kuma haka layin ya nuna. Babu kuskure a ko ɗaya. Mutum 533 da suka bar jadawalin kafin wata na 12 ba duka ciwonsu ya ƙaru ba, da yawa daga cikinsu lokacin bibiyarsu ne ya ƙare. Tsayin layi ƙiyasi ne, adadin da ke jadawali kuma shi ne yawan mutanen da ƙiyasin ya dogara a kansu. Kashi 24.9 da ke tsaye a kan mutum 76 abu ne da za a iya riƙewa. Abin da layin ke nunawa a wata na 20, inda mutum biyar suka rage a gefe guda da mutum ɗaya a ɗaya gefen, ba shi da wannan ƙarfin, domin mutum ɗaya kaɗai ya isa ya rage tsayin layin da kashi ɗaya bisa biyar, ko ya kai shi ƙasa gaba ɗaya. Abin takaici, wutsiyar layi ita ta fi jan ido, kuma a nan ne tazara kan yi faɗi saboda ƙarancin mutane kawai. Miƙewar layi a can ƙarshe ba hujja ba ce ta cewa an warke, sai an ga adadi mai kauri a ƙarƙashinta.

Tazarar da ke tsakanin layuka biyu ana karanta ta ta hanya biyu. Idan aka tsaya a kan wani wata aka duba sama, ana ganin bambancin kaso: a wata na 12, kashi 24.9 ga gefitinib, kashi 6.7 ga maganin jijiya. Idan kuma aka ja layi daga tsakiyar ma'aunin hagu, wato 0.5, zuwa inda ya taɓa kowane layi, sannan aka sauko ƙasa, ana samun lokacin da rabin rukunin suka kai ba tare da ciwon ya ƙaru ba. A IPASS wannan lokaci wata 5.7 ne ga gefitinib, wata 5.8 ga ɗaya maganin. Duk wanda ya tsaya a kan waɗannan lambobi biyu zai ce magungunan ɗaya ne, kuma zai yi kuskure babba.

Dalilin shi ne layukan sun gitta juna. A watannin farko layin gefitinib ne a ƙasa, kuma jadawalin ya gaskata haka: 363 a wata na 4, ɗaya rukunin kuwa 412. Wajen wata na 6 layukan suka haɗu, kusa da inda ake karanta rabin, daga nan gefitinib ya hau sama ya zauna, har a wata na 8 ya zama 212 da 118. Rahoton ya ba da lamba ɗaya da ake rubuta wa Hazard ratio, wadda ke kwatanta saurin aukuwar abin a rukuni biyu a tsawon gwajin duka. Ta fito 0.74, wato haɗarin ƙaruwar ciwo ko mutuwa ya ragu da kusan kashi 26 ga masu shan gefitinib. Sai dai wannan lamba tana da cikakkiyar ma'ana ne idan fifikon magani ɗaya a kan ɗaya bai canza ba daga farko har ƙarshe. Inda layuka suka gitta, ta zama matsakaicin lokacin da maganin ya gaza da lokacin da ya yi fice, kuma ba ta bayyana ko ɗaya daga cikinsu daidai ba.

Gittawar layuka sau da yawa tana nuna cewa mutane iri biyu aka haɗa a rukuni ɗaya, kuma a IPASS an gano ko su wane ne. An binciki ƙarin mutum 437 don neman wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira EGFR. Mutum 261 suna da sauyin, 176 ba su da shi. Da aka zana musu layuka daban-daban, sai hoton ya fito sarari. A masu sauyin, gefitinib ya yi rinjaye ƙwarai, lambar haɗarin ta zama 0.48. A marasa sauyin kuwa layin gefitinib ya faɗi tun a watanni biyun farko, lambar ta kai 2.85, wato maganin jijiya ya fi musu nesa ba kusa ba. Faɗuwar farko a babban zanen ta marasa sauyin ce, hawan baya kuma na masu sauyin ne. Wannan sakamako na cikin abubuwan da suka sa gwada ƙari don neman sauyin EGFR ya zama ƙa'ida kafin a zaɓa wa mai irin wannan ciwo magani.

Rubutun gefen hagu yana da sauran aiki a wannan gwaji. Da aka wallafa sakamakon mutuwa kaɗai a 2011, layukan biyu sun tafi kusan manne da juna: rabin masu shan gefitinib sun kai wata 18.8, rabin ɗaya rukunin wata 17.4, bambancin da lissafi bai tabbatar ba. Bayan ciwo ya ƙaru, da yawa daga masu maganin jijiya sun koma shan gefitinib ko makamancinsa, masu gefitinib kuma da yawa aka sa musu maganin jijiya, saboda haka zanen mutuwa ya ƙare yana kwatanta wane magani aka fara bayarwa ne kawai. Mutanen gwajin ba su canza ba, amma zanen ƙaruwar ciwo ya nuna tazara mai faɗi bayan wata na 6, na mutuwa kuwa bai nuna ta ba.