Sanarwar Sayar da Gida ga 'Yan Haya a Ingila

A Ingila, idan mai gida ya yi niyyar sayar da gininsa, yakan aika wa 'yan haya takarda. Abin da ya kamata ta fara faɗa shi ne cinikin ba ya soke yarjejeniyar haya. Wanda ya saya shi zai zama sabon mai gida, kuma doka ta ba shi kamar wata biyu ya sanar da su sunansa da adireshinsa a rubuce.

Wajen kawo masu saye ne aka fi samun saɓani. Takardar kirki takan faɗi ranaku da lokaci, da sunan dillalin da zai rako baƙi, da alkawarin sanarwa aƙalla awa 24 kafin zuwa. Dillali ba shi da hurumin sa makulli ya shiga ba da yardar ɗan haya ba, ko da yarjejeniya ta ambaci duba gida.