Imel ɗin godiya bayan intabiyu: magana ɗaya da za ka ƙara

Kowace shekara ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha a Najeriya sukan bazu cikin gari, takardar makaranta a hannu, suna neman inda za su yi horon sanin makamar aiki. Shirin SIWES ke nan, wanda hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta ƙirƙiro a 1973. Ɗan kwalejin fasaha yakan yi wata 4 bayan shekararsa ta farko, ɗan jami'a kuma galibi wata 6. Wuraren da ake koyon aiki na gaske ba su da yawa, masu nema kuwa sun yi yawa, shi ya sa kamfanoni da dama ba sa karɓar ɗalibi sai sun zauna da shi sun ji ta bakinsa.

Da an fito daga ɗakin intabiyu, yawancin ɗalibai sai su koma gida su zuba wa waya ido. Alhali akwai sauran aiki ɗaya da bai wuce minti 20 ba: a rubuta gajeren imel ga wanda ya yi tambayoyin, a gode masa, a tabbatar masa har yanzu ana son gurbin, sannan a ƙara magana ɗaya tak mai alaƙa da aikin. Godiyar da jaddada sha'awa kowa zai iya rubuta su, kuma kusan iri ɗaya suke fitowa daga hannun kowa. A wurin wannan magana ɗaya ne ɗalibi ke bambanta da ɗan'uwansa.

Mu ɗauki misali. Ɗaliba ce mai karatun akanta, ta je neman gurbi a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Mutum biyu suka zauna da ita, babban akanta da jami'ar kula da ma'aikata. Ana cikin hira sai akantan ya yi ƙorafi, kamar da kansa yake magana, cewa duk ƙarshen wata littafin mai kula da sito da lissafin ofis ba sa haɗuwa. Sito ya ce buhu 500 ya fita, ofis ya ce 488, sai a kwana biyu ana neman 12. Ya juyo ya tambaye ta ko ta iya Excel. Ta ce e, ta iya, ta yi shiru, aka wuce zuwa wata tambayar. Sai da ta hau adaidaita za ta koma gida ta tuna cewa a hutun bara ta yi irin wannan aikin a shagon kawunta mai sayar da kayan masarufi.

Abin da ya kamata ya shiga imel ɗin ke nan. Ga yadda za ta iya rubuta shi. Galibi da Turanci ake yin irin wannan wasiƙa a kamfanonin Najeriya, a Nijar kuma da Faransanci, amma tsarin ba ya canzawa:

«Ranka ya daɗe, barka da yamma.

Na gode da lokacin da kuka ba ni yau da safe, kai da Hajiya ta sashen ma'aikata, game da gurbin horo a sashen lissafi. Bayanin da ka yi mini kan yadda kaya ke tafiya daga sito zuwa mota ya ƙara mini son yin watannina 6 a wurinku.

Ka ambaci bambancin da ake samu tsakanin littafin sito da lissafin ofis a ƙarshen wata. Ban samu na faɗa a lokacin ba, amma a hutun bara na yi wata 2 ina daidaita irin wannan lissafi a wani shagon kayan masarufi. Nakan shigar da kowane rasit da lambarsa a Excel, in tara jimillar kowane nau'in kaya da SUMIF, in gwada da littafin sito duk ƙarshen mako maimakon jiran ƙarshen wata. Idan an ba ni dama, zan so in taimaka da wannan a ƙarƙashin kulawarka.

Zan iya farawa ranar da kuka ambata. Na gode.»

Sai cikakken suna, makaranta da sashe, da lambar waya a ƙasa. Wasiƙar kanta ba ta kai kalma 150 ba, kuma hakan ya isa, domin mai karantawa wataƙila a waya zai buɗe shi, yana tsakanin wani aiki da wani.

A duba sakin layi na tsakiya da kyau. Maganar ta fito ne daga bakin akantan kansa. Ɗalibar ba ta ɗauko abin da take alfahari da shi ta ɗora masa ba, ciwon da ya nuna mata ta taɓa. Wannan shi ke nuna masa cewa yarinyar nan tana saurare, kuma a wurin wanda zai koya wa mutum aiki na wata 6, saurare ya fi yawan sani daraja, tunda ai ya san ɗaliba ce, bai sa ran ta zo da ƙwarewa ba. Sannan abin da ta faɗa abu ne da za a iya gwadawa. Da ta ce «ni mai ƙwazo ce, ina da saurin koyo», da ba ta ce komai ba, don babu mai neman aiki da zai ce shi malalaci ne. Amma da ta ambaci rasit da lambarsa, da SUMIF, wato dabarar da ke tara adadin duk layukan da suka cika wani sharaɗi, da gwaji duk mako, akanta zai gane nan take cewa hannunta ya taɓa aikin. Kuma ba ta yi alkawarin za ta gano buhu 12 ɗin ba. Ta ce za ta taimaka a ƙarƙashin kulawarsa. Ɗan koyo da ya rubuta wa babban akanta cewa zai gyara masa sashe ya rufe wa kansa ƙofa.

Me ya sa ɗaya kawai? Domin ɗaya ake riƙewa. Idan ta ƙara cewa ta taɓa zama ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, ta kuma yi kwas ɗin kwamfuta, tana kuma jin Larabci, to ta sake rubuta takardar tarihin karatunta ne, wadda tuni tana kan teburinsa. Maganar sito sai ta nutse a cikin sauran. Abin da ake so shi ne, lokacin da mutanen biyu suka zauna da jerin sunaye, akantan ya ce: «Waccan da ta yi maganar daidaita sito fa?»

To ina ake samo maganar idan ba a yi dace irin na wannan ɗalibar ba? Da fitowa, kafin a kira gida ma, a nemi wuri a zauna a rubuta abin da aka ji: sunayen waɗanda suka yi tambaya da muƙamansu, tambayar da aka yi tuntuɓe a kanta, da duk wani abu da suka nanata ko suka yi ƙorafi a kai. Cikin waɗannan ba a rasa ɗaya. Wani lokacin tambayar da aka kasa amsawa ce ta fi kyau. Ɗalibin injiniyan lantarki da aka tambaya yadda ake zaɓar kaurin waya ya rikice, zai iya komawa ya duba littafinsa, ya rubuta amsar cikin jimla biyu, ba tare da dogon ban haƙuri ba. Wani kuma abin da zai ƙara bai wuce warware wata damuwa ba. An nuna shakkar ko zai iya isowa ƙarfe 8 daga unguwarsu mai nisa, sai ya sanar cewa zai zauna wurin yayansa kusa da masana'antar tsawon lokacin horon. Wannan ma magana ce mai alaƙa, kuma takan yi nauyi fiye da yadda ɗalibai ke zato.

Abin da ba a yi shi ne ƙirƙira. Wanda ya rubuta cewa ya iya abin da bai iya ba, ranar farko za a ajiye masa kwamfuta a gabansa.

Akwai mai jin nauyin rubuta irin wannan wasiƙa, yana ganin kamar kamun ƙafa ne. Damuwar tana da tushe, kuma iyakar a bayyane take. Da zarar wasiƙa ta koma «ku taimaka mini saboda Allah», ko aka sako sunan wani babba da ya san manaja, ko aka kawo labarin halin da gida ke ciki, to ta tashi daga godiya ta zama roƙo, kuma tana sa mai karantawa cikin kunya maimakon ta burge shi. Haka nan tambayar alawus ba nan ne wurinta ba, a bari sai an yi tayin gurbin. A kuma san cewa a ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni da ke ba da maki a kan fom, sau da yawa an gama lissafi tun kafin ɗalibi ya isa gida, imel ba zai sauya komai ba. Inda ya fi tasiri shi ne ƙananan kamfanoni da matsakaita, inda wanda ya yi tambayoyin shi ne zai yanke hukunci, musamman idan yana waswasi tsakanin mutum biyu.

Batun lokaci kuwa, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A aika a ranar, ko washegari da safe, kada ya wuce awa 24. Idan ranar Juma'a aka yi intabiyu, a tura da yammacin ranar, kada a jira Litinin. Wanda bai samu zama ba sai tsakar dare, Gmail yana da Schedule send, sai ya saita saƙon ya tafi ƙarfe 8 na safe.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe imel ɗin da aka gayyace ka da shi a danna Reply. Ta haka saƙon zai zauna ƙarƙashin tsohuwar maganar, a gane ko wane ne kai, kuma da wuya ya faɗa Spam. A lura kada a danna Reply all idan gayyatar ta haɗa da sauran masu nema, don kowa zai karanta wasiƙarka. Idan sabon saƙo ne, a cika gurbin Subject da abin da zai bayyana kansa: godiya, sunan gurbin, da sunanka. Idan gayyatar ta waya ce ko ta WhatsApp, a tambayi adireshin imel a ƙarshen zaman, ko wurin sakatare a hanyar fita. In babu sai WhatsApp ɗin, a rubuta da irin wannan ladabin, ba saƙon murya ba.

Kafin a tura, a sake duba sunan mutumin da na kamfanin harafi-harafi. Ɗalibin da ya je wurare uku a mako guda yana kwafe wasiƙa ɗaya yakan bar sunan kamfanin jiya a wasiƙar yau, kuma wannan kuskure ya fi rashin aikawa muni. Haka idan za a rubuta wa mutum biyu daban-daban, kada a tura musu kalmomi iri ɗaya, ofis ɗaya suke, za su iya gwadawa. A misalinmu, akanta ya samu maganar sito, Hajiya ta sashen ma'aikata kuma layi uku na godiya da tabbacin ranar farawa sun wadatar.

Yawanci ba a amsa imel ɗin godiya, kuma shirun ba ya nufin an ƙi ka. Idan sun ce za su sanar cikin mako biyu, a bar mako biyun su cika, a ƙara kwana biyu, sannan a danna Reply a kan wannan saƙon a tambaya cikin jimla biyu ko an yanke shawara, a ambaci ranar da makaranta ta sa a kai mata takardar shaidar samun wuri. Sau ɗaya ake wannan tuni. Kafin nan kuma a ci gaba da kai takarda wasu wuraren, don makaranta ba za ta ɗaga ranarta saboda kamfani bai amsa ba.